Makullin da ya mutu ba wanda ya ji labari

Wata ƙungiyar 'yan albasa a Marwa ta kira ni in duba rahotonta na kullum. Magatakarda yana shigar da buhunan da suka shiga sito da waɗanda suka fita a Excel da ke kan SharePoint. Ƙarfe biyu na dare `cron`, mai kunna ayyuka a kan lokaci, ya tayar da wata 'yar manhaja, ta jawo alƙaluman, ta haɗa shafin da shugabanni ke dubawa a waya. Shugaban ya ce min: "Malam, mota uku muka loda zuwa Duwala, amma wayar ta ce sito yana nan maƙil." Shafin bai canza ba tun makonni.

Makulli biyu ne a cikin wannan aiki, kuma nan mutane ke ruɗewa. Na farko tokin shiga ne, wanda ba ya wuce minti 60 zuwa 90, manhajar tana karɓo sabo kowane dare. Na biyun, wanda allon Microsoft Entra, inda ake ba manhaja izinin shiga, ke kira `client secret`, da shi ake karɓo na farkon. Shi ma yana da wa'adi: ba ya wuce wata 24, kuma wanda ya kafa tsarin ya bar shi a kwana 180. Wata shida cif komai lafiya lau, wanda ya kafa ya bar gari, makullin ya mutu.

Da na kunna manhajar da hannu, sai ga amsa: `invalid_client`, tare da `AADSTS7000222`, wato wa'adin makullin ya ƙare. To me ya sa ba wanda ya gani? Saboda `curl`, wanda manhajar ke aika tambaya da shi, ba ya ɗaukar irin wannan amsa ta hana shiga, mai lamba 401, a matsayin kuskure sai an sa masa `--fail`. Shi a wurinsa an yi tambaya an samu amsa. Manhajar kuma da ta ga ba sabon bayani sai ta bar na jiya, ta rufe bakinta.

Sabunta makullin bai ci minti goma ba. A kula dai, abin da ke ƙarƙashin `Value` ake kwafa, ba `Secret ID` ba, kuma sau ɗaya ake nuna shi. Ranar ƙarewarsa tana fitowa a `endDateTime` da wannan:

```
az ad app credential list --id <appId>
```

Na sa tunatarwa wata guda kafin ranar a kalandar ƙungiya, ba tawa ba, tunda tsohon makulli da sabo na iya aiki tare har a sauya. Amma abin da na fi dogara da shi daban ne: yanzu saman shafin yana nuna ranar da awar da bayani ya shigo, idan ya haura awa 26 rubutun ya koma ja, magatakarda ya samu saƙo. Wannan yana kama ɗaukewar wuta da yankewar intanet ma, waɗanda a Marwa sun fi mutuwar makulli yawa.