Waƙar da ka samu a waya ba taka ba ce

Jiya bayan la'asar ina shago ina canza wa wani sikirin, sai na ji waƙa na tashi daga wayar ɗan yayata da ke zaune a benci. Na leƙa, ashe tallar ɗinkin sallah yake haɗa wa yayarsa a CapCut, manhajar haɗa bidiyo, ya jera hotunan dogayen riguna da hijabai tsaf, amma ya ɗora musu waƙar wani mawaƙi wadda ko'ina ka shiga a kasuwa ita ake ji. Na ce kai wa ya ba ka izinin wannan? Ya ce "Kawu ai kowa sawa yake, kuma sakan ashirin kawai na yanko." Wallahi sai da gabana ya faɗi, don maganar da na yi da bakina ke nan shekarun baya.

Lokacin ina sabon shiga harkar haɗa bidiyo, wani Alhaji mai sayar da taki da maganin feshi a nan garinmu wajen Gumel ya ba ni aikin talla gab da faɗuwar damina. Dubu goma sha biyar muka yi. Na ɗauki buhunan, na ɗauki Alhajin yana bayani da bakinsa, farashi da inda shagon yake da cewa ana samunsa a Maigatari duk ranar Alhamis, sai na ɗauko wata waƙar fim da ke tashe na shimfiɗa a ƙarƙashin muryarsa. Ya yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Muka ɗora a shafinsa na Facebook da daddare, da safe ya kira ni wai bidiyon ya zama bebe. Na duba na ga sanarwa cewa an kashe sautin saboda akwai kiɗan da ke da mai shi. To ni kuma na haɗe murya da kiɗan wuri guda, da aka kashe sai aka kashe har da maganar Alhaji, mutane suna ganin baki na motsi babu farashi babu adireshi. Ainihin muryar kuma na riga na goge don wayata ta cika.

Har yau wani lokacin ina cewa ba laifina ba ne gaba ɗaya, wa ya koya mana? Gidan biki ana sa waƙar, masu cajin waya suna tura ta a kan naira hamsin, ban taɓa ganin an kama kowa ba. Amma gaskiya na san waƙar ba ni na yi ta ba, mutum ya biya situdiyo ya yi abinsa ni kuma na ɗauka ina sayar da taki da ita har ina karɓar kuɗi. Kafin Alhaji ya samu sukunin sake ɗauka kwana tara sun wuce, an yi ruwan shuka, masu sayen taki sun saya a wani wajen. Bai ce in dawo da kuɗi ba, ya dai daina gaishe ni da fara'a, kuma bai ƙara ba ni aiki ba.

Abin da ban gane ba lokacin shi ne ba mutum ne ke zaune yana sauraro ba. Masu waƙa ko kamfanin da ke raba musu ita suna ba dandalin kwafi, na'ura tana riƙe da kamanninta, duk abin da ka ɗora sai ta gwada. A YouTube sunan abin Content ID. Babu ruwanta da sakan ashirin ko goma, kuma rubuta cewa waƙar ba taka ba ce a ƙasan bidiyo ba izini ba ne. A can in ta kama, ko a toshe bidiyon ko kuɗin tallan da ya kawo ya tafi wajen mai waƙar. In kuma mai ita da kansa ya shigar da ƙorafi aka sauke bidiyon, wannan gargaɗi ne mai nauyi, uku cikin kwana 90 ana iya rufe tashar ɗungurungum.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi don a ganina na waye. Na shiga nema na rubuta royalty-free na ɗauko kiɗan farko da na gani na sa a bidiyon aikin gayya na ƙungiyar matasanmu da tallar wani mai shayi. Ashe kalmar ba ta nufin kyauta, tana nufin in ka samu lasisin ba za ka riƙa biya duk lokacin da aka kalla ba, wani lasisin saye ake, wani kyauta ne amma da sharaɗi. Nawa an rubuta masa CC BY-NC, ban ma kula ba. BY ɗin na nufin dole ka ambaci wanda ya yi kiɗan, NC ɗin kuma ba a yarda a yi kasuwanci da shi ba. Na aikin gayyar da na sa sunan mai shi da ya wadatar, na mai shayin kuwa talla ce ƙarara, dole na sauke.

Na zauna da niyyar rubuta muku abubuwa goma amma ba su kai ba. In Facebook ko Instagram za ka ɗora, nemi rumbun kiɗan Sound Collection na Meta, kamfanin da ke da su, kyauta ne, amma iyakarsa dandalinsu, kar ka kwashe shi ka kai YouTube. In YouTube ne, shiga YouTube Studio ka buɗe Audio Library, ka tace da Attribution not required in ba ka son wahalar rubuta suna. Mai shafin kasuwanci a TikTok nasa Commercial Music Library ne, shi ya sa za ka ga waƙoƙin tashe ba sa fito maka. In kuma bidiyo ɗaya za ka yaɗa ko'ina har WhatsApp, ni shafin Pixabay nake shiga, an yarda a yi talla da kiɗansu, sai dai wasu an yi musu rajista a Content ID, to ka ɗauki hoton shafin da sunan kiɗan da ranar da ka sauke ka ajiye, ran da aka tare ka da shi za ka yi jayayya. Kiɗan da ke cikin CapCut kuma don yana cikin manhajar ba ya nufin an halatta maka talla da shi.

Ku yaran yanzu matsalarku ba za ku karanta layi biyu ba, komai sai dai a danna a wuce, awa uku kuna kallon rawa amma minti ɗaya na duba lasisi ya gagara. Ni da za ku ji tawa ma ku bar kiɗan gaba ɗaya, muryar mai kaya da ƙarar keken ɗinki sun isa talla, dattawan garinmu ma sun fi saurara in babu kiɗa. Amma kuma ni kaina ban iya sakin bidiyo haka fayau, sai in ji kamar miya ba gishiri. Na ƙarshe da na yi, mai kalangun garinmu na kira, na ɗauke shi minti biyu a zaure da dare bayan an kashe janareto, na biya shi dubu uku muka rubuta a takarda cewa ya yarda in yi talla da shi, ya dangwala hannu, shaida biyu. Na roƙe shi kar ya bi salon waƙar kowa, ya kaɗa nasa.

Shi ɗan yayar tawa na karɓi wayar na nuna masa yadda zai ajiye murya daban kiɗa daban kar ya goge ko ɗaya. Ya ce kiɗan Sound Collection ɗin duk na turawa ne ba ya tashi, na ce to gobe ka zo mu je wajen mai kalangu. Har yanzu da nake rubutun nan bai zo ba, sallah kuma saura kwana goma sha ɗaya.