Ba a liƙe ambulan a shagona sai an karanta takarda da baki

Shagon buga takardu nake da shi a Birnin Kebbi, ni da yara biyu: kwamfuta uku, firinta, injin kwafi da janareta. Abin da ya fi kawo mana kuɗi shi ne haɗa wa ƙananan 'yan kwangila takardun neman aiki, kuma shi ne ya fi hana ni barci. Wasiƙar gayyatar biki in ta yi kuskure a sake bugawa. Takardar kwangila kuwa da zarar ta faɗa akwati an rufe, ba ka da sauran iko a kanta, sai abin da masu tantancewa suka gani.

Saboda haka na kafa doka: ba a liƙe ambulan sai an zauna an karanta takardar da baki, mutum biyu, a kan takarda bugaggiya. Ba na yarda a yi wannan karatu a fuskar kwamfuta, kuma wanda ya buga ba shi zai karanta ba. Dalilin shi ne ya riga ya san abin da ya yi niyyar rubutawa, idonsa zai riƙa nuna masa niyyarsa maimakon abin da yatsansa ya danna. Shi sai ya riƙe asalin rubutun hannun mai aiki yana bi da biro, ɗan'uwansa yana karanta bugun da ƙarfi. Inda suka saɓa sai a tsaya.

Wajen lamba ne na fi tsanantawa, don Hausarmu tana da wani rami a nan. In mutum ya ce "dubu ɗari da hamsin", wani zai ji 150,000, wani kuma zai iya rubuta 100,050. A kasuwa ba a rikicewa, domin kowa ya san kimar kaya. A takarda kuwa ba wanda zai yi maka wannan uzuri. Don haka mai karatu yana kiran lambobin ɗai-ɗai: uku, takwas, waƙafi, biyar, sifili, sifili. Sai bayan ya gama sannan ya faɗi adadin a dunƙule.

Akwai ranar da wannan ya fitar da mu kunya. Wani Alhaji daga Jega ya kawo aikin neman kwangilar kai bencin makaranta guda 240, kowane ɗaya a kan naira 38,500. Jimla ta kama 9,240,000, harajin kayayyaki na kashi 7.5 cikin ɗari ya zama 693,000, gaba ɗaya 9,933,000. An buga, an jera, komai ya yi kyau a ido. Ana rufe karɓa da sha biyun rana washegari, Alhaji kuma yana tsaye yana duba agogo, yana so ya koma gida kafin magariba.

Ya ce, "Malam, ai na duba, jimlar daidai take. A liƙe kawai."

Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri ka ba mu rabin awa. Zauna ga ruwa."

Da yaron ya iso layin farashi sai ya kira, "uku, biyar, waƙafi, takwas, sifili, sifili." Mai riƙe da rubutun hannu ya ɗaga kai ya ce, "Maigida, nan uku, takwas ne." An juya lambobi biyu, 38,500 ta koma 35,800. Jimlar kuwa tana nan daidai, domin da hannu aka kwafe ta daga takardar Alhaji, shi ya sa da ya duba ƙasan shafi bai ga komai ba.

Mutane da yawa suna ɗauka tunda jimla daidai ce ba a yi asara ba. To ƙa'idar da aka saba rubutawa a takardun neman kwangilar gwamnati ita ce, in farashin guda ɗaya ya saɓa da jimla, farashin guda ake ɗauka a gyara jimlar da shi. In kuma adadin da aka rubuta da kalmomi ya saɓa da na lambobi, kalmomi ake bi. Wato masu tantancewa za su ninka 35,800 sau 240 su sami 8,592,000. Bambancin naira 648,000 ke nan, kuma in Alhaji ya ci aikin, a kan wannan ragaggen farashi zai kai benci, ko ya ƙi amincewa da gyaran a ajiye takardarsa gefe. Da na buga masa lissafin a kalkuleta ya gani, sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Ku ci gaba da karatunku, ko isha za mu kai."

Tun daga ranar na ƙara mataki guda. Bayan karatu, ni da kaina nake sake ninka kowane layi a kalkuleta daga bugaggiyar takardar, ba daga rubutun hannu ba. Sannan in sa a karanta adadin kalmomi, ina bin lambobin da yatsa.

Bayan lamba sai suna. Sunan kamfani dole ya fito harafi da harafi yadda yake a satifiket ɗin Hukumar Rajistar Kamfanoni, shi ma sunan mai kamfanin haka. Mutum ɗaya za ka iske Muhammad ne a wata takarda, Mohammed a wata. A nan ma harafi-harafi ake kira. Sai kuma ragowar tsohon aiki, wanda shi ne ciwon duk mai shago irin nawa, domin a kan tsohon fayil muke gina sabo. Na taɓa barin lambar rukunin wani aiki na baya a bangon ambulan ɗin wani bawan Allah. Takardarsa ta tafi tarin da ba nata ba, kuma har yau in na gamu da shi sai na ji nauyi. Yanzu kafin a buga, sai an danna Ctrl+F an nemi sunan mai aikin baya, da sunan ma'aikatar, da tsohuwar shekara.

Jerin abubuwan dubawa kuwa ba na amfani da na dindindin. Kowane aiki daga sanarwarsa nake ciro nasa, in rubuta sharuɗɗan da hannu bi-da-bi yadda suka zo, in jera takardun a wannan tsari. Ba a sa alama a gaban sharaɗi don an tuna cewa takardar tana ciki, sai an ɗora hannu a kanta an karanta ranar ƙarewarta da baki. Takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da satifiket ɗin hukumar fansho ta ƙasa, a inda aka nema, su ne suka fi kama mutane a watan Janairu da Fabrairu, saboda wa'adinsu kan ƙare ranar 31 ga Disamba, mai su kuma yana ganin ai kwanan nan ya karɓo.

Sa hannu da hatimi su ne ƙarshe, kuma a gabana ake yi. Nakan manna 'yar takarda a gefen duk shafin da ke buƙatar sa hannu, in ƙirga su, bayan an gama in cire ina ƙirgawa. Sai a raba takardun cancanta da na farashi, kowanne da ambulansa idan haka sanarwa ta ce, a karanta rubutun bangon da baki ana kallon sanarwar. In an gyara ko da harafi ɗaya ne, shafin nan gaba ɗaya ake sake bugawa a sake karantawa, domin gyara kan ture layi zuwa shafi na gaba.

Wannan karatu yana cin minti arba'in zuwa awa guda. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini aiki da safiyar ranar rufewa nakan gaya masa gaskiya tun a bakin ƙofa: zan buga, amma in lokacin karatu bai samu ba, shi zai liƙe ambulansa da hannunsa.