Abin da `amt` ya jawo mana a ofis

Tunda dai wannan watan zan bar aikin, bari in faɗi abin da na daɗe ina riƙewa a ciki kan maganar sunaye a kod, don waɗanda muka yi aiki tare sun san sau nawa ni da oga muka yi sa-in-sa a kai. Shi a wajensa dogon suna alamar ɗan koyo ne, in ka rubuta `amount_kobo` sai ya ce ka mayar da shi `amt`, wai kod ya fi tsafta. Na san inda ya samo wannan ra'ayin, a da can akwai dalili, tsohon Fortran harafi 6 kawai yake bari a suna, DOS kuma harafi 8 ne sunan fayil sai 3 na ƙarshe. Amma mu PostgreSQL muke amfani da shi, wanda yake ɗaukar suna har harafi 63, kuma edita ce ke ƙarasa maka sunan da ka buga haruffa uku, to wace wahala ake gudu?

Kun tuna manhajar biyan kuɗin makaranta. Teburin `fees` yana da `amt`, a naira yake saboda haka akawun makaranta ke shigarwa. Teburin `payments` shi ma yana da `amt`, amma shi a kobo yake, don kamfanin da ke karɓar mana kuɗi ta kati da kobo yake lissafi, naira 1 kobo 100. Suna ɗaya, abu biyu, kuma duk lamba ce zalla don haka kwamfuta ba ta da yadda za ta yi ta gane an haɗa su. Sai aka ba yarinyar da ta zo bautar ƙasa aikin mayar wa iyaye kuɗi in sun biya sau biyu, ta rubuta haka:

```python
refund(parent_id, amt=fee.amt)
```

Wallahi ko ni aka ba layin nan in duba zan wuce shi, `amt` ya shiga `amt`, ina laifi? Wani uba ya biya 45,000 sau biyu, aka tura wa kamfanin 45000, su kuma suka karanta shi a matsayin kobo, mutum ya ga alat na naira 450. Babu wani kuskure da ya fito a allo, sai da iyaye suka fara kiran makaranta da faɗa. Alamar da ta tona abin ita ce duk wanda ya kawo ƙara kashi ɗaya cikin ɗari cif aka mayar masa, in ka ga bambanci ya tsaya daidai a 100 ko 1,000 to ka fara zargin ma'auni kafin komai.

Abin da har yau yake min ciwo, a gaban kowa oga ya tsaya ya ce ba ta karanta kod da kyau ba, yarinya ta fita idonta jawur, alhali ba inda aka rubuta cewa wannan kobo ne wancan naira, a kansa kaɗai abin yake. Da an bar sunayen yadda na so tun farko ga abin da za ta gani:

```python
refund(parent_id, amount_kobo=fee.amount_naira)
```

Wannan kam tun kafin ta gama bugawa hannunta zai tsaya, ta san sai ta ninka da 100. Daga baya ni na zauna na canza sunayen, nan ma na sha wuya, ka nemi `amt` ya kawo maka ɗaruruwan layuka ba ka san wanne ne kobo ba sai ka bi kowanne zuwa tushensa.

Ba wai na ce kullum dogo ya fi ba fa. `i` a zagayen da bai wuce layi uku ba daidai ne, idonka na ganin inda ya fara da inda ya ƙare. Amma sunan da zai zauna a tebur, ko ya ratsa fayil-fayil, ko wani da bai san tarihinsa ba zai kira shi bayan shekara, dole ya ɗauki bayaninsa da kansa, musamman ma'auni. Haka lokaci ma yake, `time.sleep` na Python da sakan yake aiki, `setTimeout` na JavaScript kuma da milisakan, shi ya sa nake rubuta `timeout_ms` ba `t` ba. Dogon da ba ya ƙara komai kuma irin `payment_data_info` shi ma shirme ne.

Wanda zai gaje ni ya sani, teburin `discounts` har yanzu `amt` ne a ciki, oga bai yarda in taɓa shi ba, kuma a naira yake.