Yadda na rage amsa-kuwwa a jawabin Kawu da muka naɗa a zauren da babu kowa

Kawu ya yi aikin kuza a Bukuru tun yana saurayi, kuma mun daɗe muna roƙonsa ya ba mu labarin wancan zamani mu adana. Ranar da ya yarda, muka ari wani babban ɗakin taro a Jos don hoton ya yi kyau. Ɗakin ya kai tsawon mita 30, faɗin mita 15, ƙasa tayil, bango siminti, sama rufin kwano. An kwashe kujeru, babu labule, mu uku ne kacal a ciki. Na kafa kyamara kamar mita 6 daga inda yake zaune, na bar makirufon da ke jikinta ya ɗauki murya. Kunnena a wurin bai ji wani aibu ba, don kunnuwa biyu da ƙwaƙwalwa suna iya tsamo muryar mutum daga rugugin ɗaki. Makirufo kuwa duk abin da ya zo masa haɗiyewa yake yi.

Da na dawo gida na sa hedifon, sai gabana ya faɗi. Kawu na magana kamar daga cikin rijiya. In ya ce "ƙasa", ba ka bambance ta da "kasa", don jelar kalmar da ta gabata ta rufe bakin ta gaba. Ga shi ya yi minti 40 yana magana, har da hawaye a wani wuri. Irin wannan ba a cewa dattijo ya maimaita.

Sai da na saurara sau da yawa na gane ciwo biyu ne. Akwai amsa-kuwwa ta gaske, wadda kalma ke dawowa daban. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya. Bangon da Kawu ke fuskanta yana mita 25 daga gare shi, kyamara na tsakani, don haka muryar da ta bugi bango ta dawo ta yi ƙarin tafiyar mita 38, ta iso bayan ta asali da kusan sakan 0.11. Jinkirin da ya wuce sakan 0.05 kunne kan ji shi a matsayin maimaici. Na biyun shi ne rugugi, wato dubban dawowar sauti daga tayil da bango da kwano da suka cakuɗe suka zama jela. Na taɓa tafi sau ɗaya a farkon naɗin don daidaita hoto da murya, na auna jelar tafin a allo ta kusa sakan 3 kafin ta nutse.

Kuskurena na farko shi ne buɗe manhajar gyaran sauti ta Audacity na danna Noise Reduction. Ya cire gurnanin janareton maƙwabta, amma rugugi na nan daram. Dalili kuwa, wannan aikin yana koyon ƙarar da ba ta canzawa ne ya cire ta, shi kuma rugugi muryar Kawu ce da kanta, tana tashi da faɗuwa tare da shi. Na ƙara ƙarfinsa, muryar ta koma kamar ana magana a ƙarƙashin ruwa. Sai na ɗora Compressor don murya ta fito, nan na ƙara dagula lamarin: yana danne wuraren da ke da ƙarfi, idan aka ɗaga sautin gaba ɗaya sai jelar da ke ƙasa-ƙasa ta taso ta cika kowane shiru. Allah ya taimake ni ban taɓa fayil na asali ba, na koma kansa.

A karo na biyu na fara da tace sautin ƙasa. Na sa High-Pass Filter a 90 Hz, don abin da ke ƙasa da haka a muryar Kawu gurnani ne kawai. Sannan a Filter Curve EQ na rage kamar 4 dB a kewayen 300 Hz. Yadda na gano wurin: na ɗaga wani siririn yanki da gangan, ina matsar da shi tsakanin 200 da 500 Hz ina saurare, inda ɗakin ya fi yin "buum" a nan na yanke. Wannan bai taɓa jela ba, amma ya rage laka.

Babban aikin na yi shi ne da De-reverb na iZotope RX, a kwamfutar wani abokina mai situdiyo. Na zaɓi 'yan sakanni inda Kawu ya faɗi jimla da ƙarfi ya yi shiru, jela ta fito fili, na danna Learn don manhajar ta koyi yadda ɗakin ke amsawa. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne akwatin Output reverb only, wanda ke jiyar da kai abin da ake cirewa kaɗai. In hayaƙin murya kake ji, kana kan hanya. In ka fara jin kalmomi sarai, to naman muryar kake yanka, sai ka ja Reduction baya. Na gwada cirewa da ƙarfi sau ɗaya, "s" da "sh" da "ts" suka riƙa kyarma kamar ƙarfe. Sai na yi sau biyu a hankali, kowanne kaɗan, ya fi daɗin ji nesa ba kusa ba.

Bayan nan na koma Audacity na sa Noise Gate, wato ƙofar da ke rufewa ta rage sauti idan murya ta yi shiru, don rage ragowar jela tsakanin jimloli. A nan Hausa na da nata sharaɗi. Kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, kuma dattijo yakan sassauta murya a ƙarshen magana. Da na bar ƙofar tana rufewa da sauri, sai ta riƙa guntule ƙarshen "kuza" da "gida". Na mayar da Level reduction zuwa -9 dB maimakon shiru ɗungurungum, na tsawaita Decay, wato lokacin da ƙofar ke ɗauka tana rufewa, zuwa kusan 250 ms. Shirun da babu komai a cikinsa ya fi rugugi tayar da hankalin mai sauraro, don kunne yana jin ɗakin na ɓacewa yana dawowa.

Maimaicin bangon nan shi ya fi taurin kai. Inda ya faɗo cikin shiru, bayan kalma mai ƙarfi, na bi da Envelope Tool na sauke shi da hannu, wuri-wuri, dare biyu. Inda ya hau kan kalma ta gaba na bar shi, don ba a raba su ba tare da an ji wa kalmar ciwo ba. Compressor sai a ƙarshe na sa, kaɗan. Muryar ba ta zama ta situdiyo ba, har yanzu ana jin a ɗaki babba yake, amma kowace kalma tana fita.

Na kai masa ya saurara. Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ai na manta labarin ranar da rami ya rufta." Na ce, "Kawu, in kun yarda mu ɗauka yanzu, a nan ɗakinku." Akwai katifa, darduma da labule, na rataya bargo a bayansa, na maƙala ƙaramin makirufo a wuyan rigarsa, kamar santimita 20 daga baki. Duk lokacin da ka rage nisa da rabi, muryar da ke zuwa kai tsaye na ƙaruwa da 6 dB, rugugin ɗaki kuwa kusan yadda yake. Daga mita 6 zuwa santimita 20 ribar ta kusa 30 dB. Na naɗi minti ɗaya, na saurara da hedifon kafin mu ci gaba. Wannan naɗin High-Pass Filter kawai na sa masa.