Kebul ɗin sikelin Alhaji

Shagona yana kusa da Taminus a Jos, ni da yara biyu. Gyaran inbata da firinta muka fi yi, amma kusan kowane mako sai an shigo mana da wani kebul da babu rubutu ko ɗaya a jikinsa, a ce a yi irinsa.

Wani Alhaji mai sayar da hatsi a kasuwar Katako ya zo da na sikelinsa, wanda ke kai awo zuwa kwamfuta. Kan DB9 ne mai fil tara, gefe biyun duk mata, wato masu ramuka, an kuma narka roba an rufe su, ba halin buɗewa a ga launin wayoyi. Ya ce wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci ya ƙi. Ya sayi sabo a kasuwa, kai iri ɗaya, shi kuwa ko motsi. A RS-232, tsarin da irin wannan kebul ke kai bayani da shi, haka abin yake: kamannin kai ba ya gaya maka yadda aka ɗaura cikin.

Na ba ƙaramin yarona aikin. Da farko a cire kebul daga komai, domin gwajin yana amfani da ɗan wutar batirin mita ne, idan na'ura tana haɗe za ta ba ka hanyar ƙarya. Sai a juya maltimita zuwa wurin da take yin ƙara, a haɗa jan tsinke da baƙi. In ta yi ƙara ta nuna kamar om 0.3, mita lafiya take, kuma wannan adadin na wayoyin mitar ne. Tsinken ba ya shiga ramin macen DB9, kuma duk wanda ya tura da ƙarfi ya buɗa ramin ya lalata shi. Ƙafar rizisto muke yankowa mu zura, mu kama ta da ɗan maƙali.

Yaron ya zana gidaje tara a tsaye, tara a kwance. A tsayar da baƙi a fil na 1 na wannan gefe, a bi da ja ta duk taran wancan gefen, sannan a koma na 2. Gwaji 81 ke nan, minti goma bai kai ba. Ina hana su tsayawa da zarar sun ji ƙarar farko, saboda fil ɗaya yana iya zuwa wuri biyu.

Ya kawo min takarda: 1 da 1, 3 da 4, 4 da 3, sauran shiru.

"Oga, wayoyi uku ne kawai a ciki."

Ukun na yarda da su, lambobin ne ban yarda ba. A DB9 fil na 5 shi ne ƙasa, 2 karɓa, 3 aikawa, kebul mai waya uku kuwa waɗannan yake ɗauka. Na ce ya nuna min inda ya fara ƙirga, sai ya nuna hagu. A kan namiji, idan kana kallon fuskarsa layi mai biyar yana sama, 1 yana hagu. A mace 1 yana dama, kamar a madubi. Shi ya sa 5 ya zame masa 1, 2 ya zame masa 4, na 3 da ke tsakiya ne kaɗai ya tsira. Lambobin ma suna nan a jikin robar, ƙanana, sai an haska fitilar waya. Da muka gyara, takarda ta koma 5 da 5, 2 da 3, 3 da 2. Kebul mai giciye ne. Na kasuwar da muka auna miƙaƙƙe ne, 2 da 2, 3 da 3, sikeli da kwamfuta kowa yana magana a layi ɗaya babu mai saurare.

Saura dalilin da tsohon yake ɗaukewa. Ƙara ba ta isa a nan, domin yawancin mitoci suna yi ko da tsayayyar ta kai om 30. Na koma awon om. Fil 2 da 3 suka ba da ƙasa da om ɗaya. Na 5 ma haka, har sai da yaron ya lanƙwasa wuyan kebul ɗin, sai adadi ya yi tsalle, allon ya nuna OL, wato hanya ta yanke. Wayar ƙasa ta karye a cikin roba, tana taɓawa tana saki. Buhu ake ja ta kanta kullum, ba mamaki.

Mun kuma gwada fil da fil a gefe guda ko akwai waɗanda suka haɗe, da kowane fil da gangar ƙarfen kan. Babu.

Na ɗaura masa sabo mai tsawon mita biyar da kawunan da ake ɗaurewa da sukurori, don a iya buɗewa gaba, na manna tef a wuyansa na rubuta 2-3, 3-2, 5-5. Alhaji ya tambayi abin da zai yi da na kasuwar. Na ce ya bar min, akwai firintar da ke jiransa, na rage masa kuɗinsa a cikin kuɗin aiki.