Wasiƙa daga Iskandariyya: Hasumiyar da kuke ta tambayata

Assalamu alaikum, 'yan uwana na gida. Ina fatan kuna lafiya, ya sanyi? Mu ma nan muna cikinsa, sai dai namu ba irin na hunturu ba ne, jiƙaƙƙen sanyi ne mai tasowa daga teku, ya ratsa bango ya same ka cikin bargo. Na yi alkawarin ba ku labarin kasuwar kifi da wahalar sabunta takardar zama, amma tun da na aiko da hotona a gaban ganuwar Ƙaitbay, tambaya ɗaya ake ta yi mini: wai ita ce hasumiyar nan ta cikin abubuwan al'ajabi bakwai na duniya? Ba ita ba ce. A kan gurbinta dai aka gina ganuwar.

Sai da na tsaya a wurin ranar da teku ke hauka sannan na gane dalilin gina hasumiyar, wadda wutarta ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Gaɓar Misira ta nan shimfiɗe take kamar tabarma, babu dutse ko tsaunin da matuƙin jirgin ruwa zai hango daga nesa ya ce ga gari can. Kuma a bakin mashigar tashar akwai duwatsu, wasu a fili, wasu ruwa ya rufe su. A zamanin da babu na'urar nuna hanya, jirgi maƙare da kaya zai iya ƙetare teku lafiya ya zo ya farfashe a ƙofar gari. Shi ya sa Sarki Batlimus na ɗaya, wanda ya gaji mulkin Misira bayan Iskandar, ya sa aka fara ginin a ƙaramin tsibirin Faros, aka gama a zamanin ɗansa, wajen shekara ta 280 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Sunan da ake dangantawa da aikin shi ne Sostratus, mutumin Kinidos. Yau ba za ka ga tsibiri ba, domin tun a lokacin an haɗa shi da gari da wata doguwar hanya da aka cike cikin ruwa, sama da kilomita ɗaya, yashi ya yi ta taruwa a gefenta har ta zama unguwanni. Da ƙafa na taka zuwa can.

Hasumiyar hawa uku ce. Na ƙasa mai kusurwa huɗu, kowane gefe kusan mita 30, na tsakiya mai kusurwa takwas, na sama zagayayye, can ake hura wuta da dare. Tsayin duka ya haura mita 100. 'Yan Katsina ku tuna da Gobarau, wadda ba ta wuce mita 15 ba, ku ɗora kamarta bakwai a kan juna, a bakin teku, inda iska ba ta hutawa. In ka cire dalar Giza, da wuya a sami ginin da ya fi ta tsawo a duniyar wancan lokaci. Dala kuwa tulin dutse ce mai faɗin gindi, nauyinta ne ke riƙe da ita. Wannan siririya ce, cikinta ɗakuna da hanya mai zagayawa sama, mutane na hawa da sauka kullum da makamashi. Abin da ya fi ɗaure mini kai ke nan, domin Misira ba ƙasar itace ba ce, amma sai an kai abin ƙonawa can ƙololuwa kowane dare.

Tsawon ma ba don ado aka yi shi ba. Duniya a lanƙwashe take, saboda haka wuta komai ƙarfinta, in tana ƙasa, bayan 'yan kilomitoci ruwa zai ɓoye ta. Daga tsayin mita 100 ido na kaiwa kusan kilomita 36 kafin sama ta haɗu da teku. In matuƙi ya hau sandar jirginsa mita 10, ya ƙara wajen kilomita 11, ka ga an doshi 47. Jirgin da iska ke turawa sai ya yi sa'o'i kafin ya cinye wannan tazara, lokacin da ya ishe shi ya gyara hanya ko ya dakata gari ya waye. Da wannan lissafi kuma za ku iya auna labaran da ake bayarwa na madubin da ke samanta, wai ana hango jiragen Ƙusɗanɗiniyya, wato Istanbul ta yau, a ciki, wai yana ƙone jirgin abokan gaba da hasken rana. Marubutan Larabawa sun ambaci madubi, amma babu madubin da zai leƙa bayan lanƙwasar duniya.

Faɗuwarta ba rana ɗaya ba ce, kuma daga sama ta faro. Idan ƙasa ta girgiza, kan dogon gini shi ya fi yin lilo, ga iskar gishiri tana cin dutse da abin da ya ɗaure shi shekara da shekaru. Girgizar ƙasa ta 956 ta zubar da wani sashe na samanta. Amma duk lokacin da ta tsage ana gyarawa, sarakunan Musulmi ma sun yi ta kashe mata kuɗi, har aka gina ɗan masallaci a ƙololuwarta. Ibn Jubair, matafiyin Andalus, ya hau a 1183 ya yi salla a ciki. A lokacin ta kusa shekara 1,500 a tsaye.

Sai girgizar 8 ga Agusta, 1303, wadda ta taso daga wajen tsibirin Kirit, teku ya biyo bayanta ya afka wa gari. An taɓa gyara, amma ba ta koma daidai ba. Ibn Baɗɗuɗa, wanda daga baya ya ratsa Mali har Takedda, ya zo a 1326 ya tarar gefe ɗaya ya rushe, ko da yake ana iya kaiwa ga ƙofarta. Da ya dawo a 1349, ko ƙofar ba ta hawuwa. Shekara 23 kacal tsakanin zuwan biyu. Nan na tuna da ganuwar garinmu da gidan kakanninmu. Muddin ana yaɓe kafin damina suna nan, ranar da aka ce a bari sai baɗi, tsagar da hannu zai toshe takan zama wadda sai an rushe bango. Don Allah masu tsofaffin gidajen ƙasa ku leƙa indararo tun yanzu da rani.

A 1477 Sarkin Misira Ƙaitbay ya sa aka gina ganuwarsa a wurin, don tsaron tasha, aka yi amfani da duwatsun da suka rage. Na dafa wasu manyan tubala a jikinta, jajaye-jajaye masu ɗigo-ɗigo, irin dutsen Aswan, sun bambanta da farin dutsen da ke kewaye da su, na daɗe ban ɗauke hannuna ba. Sauran suna ƙarƙashin ruwa dab da ganuwar. A 1994 masu nutso ƙarƙashin jagorancin Bafaranshe Jean-Yves Empereur suka fara auna su ɗaya bayan ɗaya, suka tarar da dubban gutsattsari, da gumaka, da tubalan da wasunsu suka haura tan 50. Daga inda na tsaya ba a ganin komai sai kumfa, da yara masu kamun kifi da ƙugiya.

Maganar takardar zama kuwa, sau uku na je ofishin ana cewa in dawo da wani hatimi, har yau ban karɓa ba, ku sa ni a addu'a. Kasuwar kifi sai wasiƙa ta gaba. Wanda zai taho cikin watan nan ya riƙo mini yaji da kuka. A gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan uwanku a Iskandariyya