Kafin ka ɗaga gudun kulok, bi hanyar da ta fi jinkiri

Ƙannena masu karatun lantarki, lissafin gudun kulok a takarda layi ɗaya ne, amma ni ya taɓa kunyata ni a furojet, kuma laifina ne don ban zauna na bi sakit ɗin da kyau ba. Abin da ke faruwa shi ne, kulok ya buga, filif-filof na farko bai fitar da sabon bit nan take, sai ya ɗan ɗau lokaci. Sannan siginar ta ratsa get-get ɗin da ke tsakani, kowanne da nasa jinkirin, sannan kuma dole ta isa filif-filof na biyu ta zauna daram na ɗan lokaci kafin bugu na gaba, in ba haka ba abin da zai kama babu tabbas. Su ukun nan ake haɗawa:

```
T_min = t_cq + t_logic + t_setup
f_max = 1 / T_min
```

To inda na faɗi shi ne t_logic. Na haɗa sakit mai tara lambobi biyu masu bit 8, irin wanda keri ke tafiya daga bit zuwa bit kamar yadda muke cewa "a riƙe ɗaya" a firamare, rajista a gaba rajista a baya. Mu ɗauka t_cq nanosakan 2 ne, t_setup 1, daga shigar bit zuwa fitar amsa ko keri 3, keri ya tsallake mataki ɗaya kuma 1.5. Ni sai na kalli bit ɗaya kawai na ce 2 da 3 da 1, 6 ke nan, wato megahaz 166, na sa kulok a 100 har ina ganin na bar rara.

Na gwada 3 da 4 ya ba ni 7, na gwada 1 da 1 ya ba ni 2, na ce ai shikenan. Ashe lambobin da na zaɓa babu wadda ta sa keri ya yi tafiya mai nisa. Ranar da aka ba shi 127 da 1 sai ga shirme a bit ɗin sama. Ka duba, keri ya tashi a bit 0 ya ci nanosakan 3, ya ratsa bit 1 zuwa 6, mataki shida sau 1.5 ya zama 9, sannan bit 7 ya fitar da amsa a wasu 3, jimla 15. Ka ƙara 2 da 1 ya zama 18, ɗaya a raba da nanosakan 18 kuwa wajen megahaz 55 ne. A megahaz 100 nanosakan 10 kawai ke tsakanin bugu da bugu, ni kuma ina buƙatar 18, giɓin 8 kenan, shi ne abin da manhaja irin Vivado ko Quartus ke nuna maka a matsayin `slack` mai alamar ɗebewa, wanda a lokacin ko buɗe rahoton ban yi ba.

Alamar wannan ciwon ba ta ɓuya, wasu lambobi ne kaɗai ke kuskure, cif in ya ɗau zafi abin ya ƙaru, in ka rage kulok komai ya dawo daidai. Shi ya sa a takardar bayanan cif layin `max` za ka ɗauka, ka rabu da `typ`, don zafi da raguwar boltej suna ƙara jinkiri. A FPGA kuma wayoyin ciki ma suna cin lokaci, wani sa'in fiye da get ɗin kansu, saboda haka rahoton bayan an gama shimfiɗa sakit shi ne abin dogaro. Kuma don Allah kar ka cusa t_hold, wato lokacin da dole siginar ta ci gaba da zama daram bayan bugu, cikin lissafin nan, na ga masu yi, matsalarsa daban ce, ta hanya mafi sauri ce, rage kulok ma ba ya gyara ta.

Da na gane, sai na raba sakit ɗin biyu na sa rajista a tsakiya, bit 4 nan bit 4 can, na ɗauka gudun zai ninka. Bai ninka ba. A kowane rabi hanya mafi jinkiri ta zama 3 da 1.5 da 1.5 da 3, wato 9, kuma t_cq da t_setup suna nan ba sa raguwa, kowane mataki sai ya biya su, jimla 12, megahaz 83 kenan, har yanzu bai kai 100 ɗin da nake so ba. Ga shi amsa tana makara da bugu ɗaya, kuma bit huɗun sama na lambobin da ke shigowa su ma sai an sa musu rajista su jira kerin, in ka manta za ka tara rabin lambar yanzu da kerin lambar da ta wuce.